Furen Edmonds: yadda ake haɗa bibbiyu idan ba layi biyu ba ne

Mutum yana bukatar dashen ƙoda, matarsa ta yarda ta ba shi tata, amma jininsu bai dace ba: shi rukunin A, ita rukunin B. A wani gari kuma akwai mara lafiya mai rukunin B da ƙanensa mai rukunin A. Idan iyalan biyu suka yi musaya, kowane mara lafiya zai samu ƙodar da jikinsa zai karɓa. Asibitoci a Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe suna yin irin wannan musaya, kuma a 2005 masana tattalin arziki uku, Alvin Roth da Tayfun Sönmez da Utku Ünver, sun nuna cewa zaɓen wanda zai yi musaya da wa tsohuwar tambaya ce ta lissafi wadda aka riga aka warware shekaru arba'in kafin nan.

Masu lissafi sukan mayar da lamarin zane. Kowane iyali ɗigo ne a kan takarda, sai a ja layi tsakanin iyalai biyu idan za su iya musaya. Aikin shi ne a zaɓi layuka masu yawa iyakar yadda zai yiwu, ba tare da wani ɗigo ya shiga haɗi biyu ba, tunda mai bayarwa ƙoda ɗaya kawai zai bayar. Gwada kowane tsari ɗaya bayan ɗaya ba zai kai ko'ina ba. Mutum 10 da kowa zai iya haɗuwa da kowa suna da hanyoyi 945 na rabuwa bibbiyu, amma mutum 20 suna da fiye da miliyan 654.

Da a ce jama'ar layi biyu ne, masu neman aiki a dama, guraben aiki a hagu, da an daɗe da sanin maganin. Dénes Kőnig na ƙasar Hangari ya aza harsashinsa a 1931, Harold Kuhn kuma ya fitar da hanyar aiki a 1955. Sai dai iyalan musayar ƙoda ba su da dama da hagu. Kowane iyali mai bayarwa ne kuma mai karɓa, don haka iyalai uku na iya dacewa da juna su yi alwatika, ko biyar su yi da'ira. A zane mai layi biyu haka ba ta faruwa, domin duk wanda ya tashi daga dama yana tsallakawa yana dawowa, ba zai koma inda ya taso ba sai bayan taku 2 ko 4 ko 6. Da'irar mara, wato mai ɗigo 3 ko 5 ko 7, ita ce abin da ya raba matsalolin biyu.

Kafin a ga ɓarnar da take yi, sai an san yadda ake ƙara haɗi. A ɗauka iyali na 1 bai samu abokin musaya ba, ya dace da na 2, amma an riga an haɗa na 2 da na 3. Ana iya ba na 1 na 2, sai na 3 ya zama shi ne mai nema. Idan na 3 ya dace da wani da ke zaune babu kowa, an ci riba: haɗi ɗaya ya zama biyu. Idan kuma wanda ya samu ma yana da abokinsa, sai a sake raba su, wani ya zama mai nema, a ci gaba. Wannan sarƙa da ke farawa daga wanda bai da aboki ta ƙare a kan wani wanda bai da aboki, tana bi ta layin da ba a zaɓa ba sannan wanda aka zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, ita ake kira hanyar ƙari. A 1957 Bafaranshe Claude Berge ya tabbatar da cewa muddin haɗin da ke hannu bai kai iyaka ba, to irin wannan hanya tana nan. Idan babu ita, an gama.

Ke nan aikin duka ya koma neman hanyar ƙari. A zane mai layi biyu neman yana da sauƙi, saboda masu nema kullum a ɓangare ɗaya suke, waɗanda ake nema kuma a ɗayan. Da zarar an taɓa ɗigo an sa masa alama, ba a sake komawa kansa, kuma ba a yi asarar komai ba.

Ga abin da ke faruwa idan alwatika ta shigo. Iyalai shida ne. Na 1 ya dace da na 2, na 2 da na 3. Na 3 da na 4 da na 5 duk sun dace da juna. Na 4 kuma ya dace da na 6. An riga an haɗa 2 da 3, an haɗa 4 da 5, an bar 1 da 6 a zaune. Binciken ya tashi daga 1, ya ɗauki 2, sai 3 ya zama mai nema. Na 3 ya leƙa ya ga 4, ya ɗauke shi, sai 5 ya zama mai nema. Na 5 ba shi da kowa sai 3, wanda aka riga aka sa wa alama. Binciken ya tsaya, ya ce ba a iya wuce haɗi biyu.

Wannan amsa kuskure ce. Da 3 ya fara da 5, da 4 ne zai zama mai nema, shi kuwa 4 yana da 6 a kusa. Sai a samu 1 da 2, 3 da 5, 4 da 6: haɗi uku, babu wanda aka bari. Abin da ya ruɗa binciken shi ne na 4 yana da matsayi biyu. Idan aka zagayo alwatikar ta wannan gefe shi ne ake nema, idan aka zagayo ta wancan gefe shi ne mai nema, alama ɗaya kuwa ba ta ɗaukar matsayi biyu. Gaskiya ne wanda ya fara daga 6 zai yi sa'a a wannan ƙaramin zane, amma ana iya zana wanda zai ruɗe shi ta kowane ɓangare.

Gyaran da ke fara zuwa wa mutum shi ne a bar kowane ɗigo a taɓa shi sau biyu, sau ɗaya a kowane matsayi. Wannan ma yana da ramin da ya fi na farko haɗari. A cire layin da ke tsakanin 4 da 6, a ce 6 da na 2 kaɗai ya dace. Binciken zai bi 1, 2, 3, 4, 5, ya zagayo ya koma 3, ya gangara 2, ya isa 6, ya yi shelar ya samu hanya. Amma hanyar ta bi ta kan 2 sau biyu, wato an yi wa iyalai biyu alkawarin ƙoda ɗaya. Hana maimaici kwata-kwata kuma yana nufin a riƙa tuna kowace hanya daban, abin da zai mayar da mutum ga miliyoyin nan da ake gudu.

Jack Edmonds, Ba'amurke da ke aiki a hukumar ma'aunai ta ƙasarsa a Washington, shi ne ya samo mafita, ya buga ta a 1965 a wata mujallar lissafi ta Kanada, cikin maƙalar da sunanta ke nufin hanyoyi da itatuwa da furanni. Ya lura cewa da'irar mara tana tona kanta da kanta: duk lokacin da mai nema ya ci karo da wani mai nema da ya taso daga tushe ɗaya, kamar yadda 5 ya ci karo da 3, to an rufe irin wannan da'ira. Ya kira ta fure, hanyar da ta kawo binciken gare ta kuma ita ce kara, ɗigon da suka haɗu a kansa, na 3 a misalinmu, shi ne gindi.

Fure yana da wata siffa mai amfani. Mai ɗigo 3 yana da haɗi ɗaya a cikinsa, mai 5 yana da biyu, mai 7 yana da uku, kullum da saura ɗaya. Kuma wannan sauran ana iya matsar da shi ya faɗa kan kowane ɗigo na da'irar, ta hanyar sake jera haɗe-haɗen ciki. Tunda haka ne, babu dalilin a yanke tun yanzu wane ne zai fita neman aboki a waje. Sai a dunƙule furen gaba ɗaya ya zama ɗigo guda mai nema, a ba shi duk layukan da 'yan cikinsa suke da su zuwa waje.

A koma zanen farko. An dunƙule 3 da 4 da 5, zanen ya rage ɗigo huɗu: 1, 2, dunƙulen, da 6. Dunƙulen ya gaji layin 4 zuwa 6, don haka hanya ta fito fili, daga 1 zuwa 2 zuwa dunƙulen zuwa 6. Yanzu sai a warware. An shigo ta gindi, za a fita ta 4, kuma daga 3 zuwa 4 hanya biyu ce, ta kai tsaye mai taku ɗaya da ta zagaye mai taku biyu. Ana bukatar mai taku biyu domin ta ƙare da layin da aka zaɓa, 4 ya zama shi aka bari. Irin wannan zaɓi ba ya taɓa ɓacewa, domin idan aka raba adadin mara gida biyu dole ɗaya daga ciki ya rabu biyu daidai. Haka aka samu 1, 2, 3, 5, 4, 6. Edmonds ya tabbatar da cewa zanen da aka dunƙule yana da hanyar ƙari ne kawai idan na asali yana da ita, don haka dunƙulewa ba ta ɓoye hanyar gaskiya, ba ta kuma ƙirƙiro ta ƙarya.

Dunƙulen na iya faɗawa cikin wata sabuwar da'ira, a sake dunƙule shi, fure cikin fure, a zo a warware su daga na waje zuwa na ciki. Nan ne masu rubuta wa kwamfuta umarni suka fi tuntuɓe. Amma aikin yana da iyaka: kowace dunƙulewa tana rage aƙalla ɗigo biyu, kuma ƙarin haɗi ba zai wuce rabin yawan ɗigo ba. A wannan maƙala ce Edmonds ya tsaya ya yi bayanin abin da ya sa irin wannan hanya ta cancanci a kira ta mai kyau, wadda aikinta ke ƙaruwa sannu a hankali idan matsala ta girma, ba ya ninkawa. Wannan ma'auni shi ne masana kwamfuta ke amfani da shi har yau wajen raba matsala mai sauƙi da mai wuya. A 1980 Silvio Micali da Vijay Vazirani suka gabatar da hanyar da ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burgewa shi ne ko binciken ya gaza yana barin hujja. A zane na biyu, inda 6 ya dace da 2 kaɗai, a rufe na 2 da yatsa. Sauran sun tarwatse gida uku: 1 shi kaɗai, 6 shi kaɗai, da alwatika. Kowane gida adadinsa mara ne, yana da sauran da sai an ceto shi daga waje, mai ceton kuwa guda ɗaya ne. Dole iyalai biyu su jira, ko wane gwani aka kira. Wannan hujja ta samo asali daga aikin William Tutte na 1947.

Dabarar tana da bakin iyaka a asibiti. Musayar iyalai biyu tiyata huɗu ce da akan yi a lokaci guda, don kada wani ya janye bayan nasa ya karɓa. Wasu shirye-shiryen suna yarda da zagayen iyalai uku, na farko ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, na uku ya ba na farko, tiyata shida. Hakan na samar wa ƙarin marasa lafiya ƙoda, amma lissafinsa ya fita daga hurumin Edmonds. An nuna cewa idan aka ƙayyade zagaye kada ya wuce iyalai uku, matsalar ta shiga jerin waɗanda ba a san wata hanya mai sauri da ke warware su a kowane hali ba, don haka a nan sai a koma ga wasu hanyoyin lissafi masu nauyi, waɗanda lokacin aikinsu kan tsawaita sosai idan iyalai suka yi yawa.