Fara'a a Keɓe, Ɗaure Fuska a Taro

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a WhatsApp babu fuskar da za a tambaya. Sau da yawa saurayi kan raba dare yana hira da budurwa a keɓe, gari na wayewa ya yi sallama a zauren 'yan ajinsu ta ƙi amsawa.

Ba a cewa ba ta gani ba, domin ko mutum ya kashe shuɗin makin nan da aka shigo da shi a 2014, a zaure kam sai ya nuna wanda ya karanta.

To, shirun iri biyu ne. Akwai alkunya, irin wadda ke hana mace kiran sunan ɗanta na fari. Mai alkunya ba ta yi masa gatse, kuma ƙawayenta sun san da maganar. Akwai kuma ɓoyo, inda take raha da kowa ban da shi, ko ta bari a yi masa dariya, watakila don akwai wani manemin a zauren.

Abin da ke raba gardama shi ne ya nemi izinin turo magabatansa. Mai alkunya takan sa rana, mai ɓoyo kuwa kullum sai gobe.