Yadda Ake Ɗora Kamannin Samfuri a Bangon Hoton Gini

Kafin a gina gida ko a gyara ɗaki, masu zanen gini kan fitar da hoto a kwamfuta wanda ke nuna yadda wurin zai kasance idan an kammala. Sau da yawa bayan an fitar da hoton sai mai gida ya zo da tayil ko guntun dutsen ado daga kasuwa, ya ce so yake ya ga wannan a bangon falo. Maimakon a sake aikin daga tushe, ana iya ɗaukar hoton samfurin, a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta kwaikwayi launinsa da zanensa ta shimfiɗa a bangon kaɗai, sauran ɗakin ya tsaya yadda yake.

Ɗaya daga cikin manhajojin da ake yin wannan aiki da su a kwamfutar mutum ita ce Stable Diffusion, wadda aka saki a 2022. A 2023 aka samu ƙari biyu da suka sa ta yi wa masu zanen gini amfani. ControlNet yana riƙe siffar ɗakin, wato kusurwoyi da nisan abubuwa, don kada bango ya karkace. Shi kuwa IP-Adapter, wanda masu bincike na kamfanin Tencent suka fitar, yana ba manhajar damar karɓar hoto a matsayin umarni, maimakon a dogara da rubutu kawai. Akan haɗa su a cikin manhajoji irin su ComfyUI.

Rabin aikin yana ƙarewa ne tun wajen ɗaukar hoton samfurin. Manhajar ba ta san bambanci tsakanin launin dutse da inuwar da ta faɗa masa ba. Duk abin da ta gani a hoton, kamannin kayan ne a wurinta. Idan an ɗauki tayil a cikin rana tsaka, ƙyallin da ke gefensa zai bi shi zuwa bango ya zama fararen tabo. Idan an ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, farin tayil zai fito ruwan madara. Saboda haka a inuwa ake ɗauka, inda haske ya bazu daidai, kyamara tana fuskantar samfurin kai tsaye ba daga gefe ba. Akan ajiye farar takarda ko kati mai ruwan toka kusa da shi domin a daidaita launi daga baya, sannan a yanke ta daga hoton, tare da tebur da yatsun wanda ya riƙe kayan. Wanda ya bar jan mayafin tebur a gefen hoto, kada ya yi mamaki idan bangonsa ya ɗauko ja.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi. Yawancin nau'o'in IP-Adapter suna rage hoton samfurin zuwa murabba'i mai fiksel 224 a kowane gefe kafin su karanta shi, kuma tsakiyar hoton ake yankowa. Ko da babbar kyamara aka ɗauka, abin da ke isa ga manhajar ɗan ƙaramin hoto ne. Don haka ya kamata a yanke hoton ya zama murabba'i da hannu, samfurin ya cika shi baki ɗaya. Ƙananan ɗigon da ke jikin dutse kan ɓace a wannan ragi, sai manhajar ta ƙirƙiro nata a madadinsu.

Mataki na gaba shi ne keɓe bangon. Ana shafa yankin da za a canza a bar sauran, abin da manhajar ke kira mask, kuma aikin cike yankin shi ne inpainting. Idan daga manhajar zanen gini hoton ya fito, ya fi kyau a fitar da shatar bangon daga can, domin ta fi shafawar hannu daidaito a gefen kujera da tagogi. Daga nan sai a ba ControlNet taswirar zurfin ɗakin, a rubuta gajeren bayanin kayan, sannan a zaɓi ƙarfin canji. Wannan adadi, da ake kira denoise, yana tsakanin 0 da 1. Kusa da 0 kusan babu abin da zai canza, a 1 kuwa manhajar za ta watsar da duk abin da ke wurin, har da inuwar da kujera ta yi a bango.

A ɗauki misalin bangon falo mai faɗin mita 4.2 da tsayin mita 3, wanda za a yi wa tayil mai kamar dutse, kowane ɗaya santimita 60 a faɗi da 30 a tsayi. Lissafi ya nuna layi 10 daga ƙasa zuwa silin, kowane layi tayil 7. Idan aka ba manhajar hoton tayil guda, aka ɗaga denoise sama, hoton da zai fito zai iya burge ido, amma da an ƙirga layukan sai a ga shida ko goma sha huɗu, wasu ma sun fi wasu tsayi. Dalili shi ne hoton samfurin bai ɗauke da awo. Manhajar ta ga launi da zane, amma ba ta san ko abin santimita 30 ne ko mita guda ba. Bangon da aka yi wa manyan tayil fiye da na gaskiya yana sa ɗaki ya yi kamar ya fi ƙanƙanta, kuma mai gida zai yanke shawara kan abin da mai ɗaura tayil ba zai iya yi masa ba.

Maganin wannan shi ne a raba aikin biyu. Da farko a jera hoton tayil ɗin da hannu a Photoshop ko GIMP, bakwai a kwance goma a tsaye, da siririn layin siminti a tsakani. A lanƙwasa wannan shimfiɗa har kusurwoyinta huɗu su dace da na bangon, a sa ta a yanayin Multiply domin haske da inuwar ainihin hoton su ratso ta. Wannan ya riga ya tabbatar da awo, sai dai yana kama da takardar da aka liƙa. A nan ne manhajar ke da amfani na gaske: a ba ta wannan hoton tare da na samfurin, a sauke denoise zuwa wajen 0.3 ko 0.4, ta ƙara kaushi da ƙananan inuwoyi ba tare da ta taɓa jeri ba. Idan ana da tayil uku ko huɗu daga kwali ɗaya, gara a ɗauki hoton kowanne a cakuɗa su, domin zane guda da ya maimaitu sau 70 ido yana gano shi nan take.

Bayan an gama sai dubawa. A ƙirga layuka, a bi layin siminti da ido a ga ko ya miƙe har kusurwa. A duba gefen makunnin wuta da firam ɗin taga, domin a nan ne zane ke malala ya hau abin da bai kamata ba. A kuma tabbatar inuwar kaushin dutse tana faɗawa ɓangaren da ya saba wa taga, kamar sauran inuwoyin ɗakin.

Abu biyu ne wannan hanya ba ta iya warwarewa sosai. Na farko ƙyalli: hoto guda bai nuna yadda tayil mai sheƙi ke mayar da haske idan an kalle shi daga gefe, kuma ƙasan ɗaki mai santsi zai ci gaba da nuna tsohon bango sai an gyara shi daban. Na biyu launi, wanda kan ɗan sauya a hannun manhajar, ya sake sauyawa daga wannan allo zuwa wancan. Shi ya sa ake nuna wa mai gida hoton tare da ainihin samfurin a hannu, a cikin hasken ɗakin da za a yi aikin.