Nawa Ne Kuɗin Awa Ɗaya? Lissafin Yana Farawa Daga Tukunya

Ranar da iyayen yaro suka tambayi malamin lesin, "Malam, nawa za mu riƙa ba ka?", yawanci abin da ya ji wani abokinsa yana karɓa shi zai faɗa, ko ya dubi girman ƙofar gidan ya yanka. Mai gyaran sola da mai zane a kwamfuta ma haka suke yi. Sai wata ya ƙare mutum bai huta ba ko kwana ɗaya, amma yana neman rancen kuɗin cefane. Dalili shi ne an fara lissafin daga kasuwa. Wanda ba albashi yake ɗauka ba, daga tukunyar gidansa ya kamata ya fara, ya riƙa ja da baya har ya iso ga awa ɗaya.

Mu ɗauki misalin wani malamin lissafi a Kano, mai mata da 'ya'ya biyu, wanda sana'arsa ita ce bin gidaje yana koyar da yara da masu shirin jarrabawar kammala sakandare. Adadin da za a gani na misali ne, kowa sai ya sa nasa.

Tambaya ta farko: nawa gidan yake ci? A wata abinci yana cin naira 130,000. Haya 480,000 ce a shekara, wato 40,000 a wata. Makarantar yara 25,000, wuta da ruwa da gas 20,000, magani da hidimar dangi 20,000, sai ajiya 15,000. Jimilla 250,000 a wata, miliyan 3 a shekara. A nan aka fi yin tuntuɓe da abubuwan da ba kullum suke zuwa ba. Haya da ɗinkin Sallah sau ɗaya ko biyu suke faɗowa a shekara, don haka ana mantawa da su sai sun ƙwanƙwasa ƙofa. A raba su gida 12 a zuba cikin kowane wata. Ajiyar ma ba kwalliya ba ce, domin mai zaman kansa ba shi da fansho, kuma ranar da ya kwanta ciwo babu mai biyansa.

Wannan miliyan 3 ita ce za ta rage a hannu bayan haraji. A sabuwar dokar harajin Najeriya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na bayansu kuma kashi 18. Wanda ya yi gaggawa zai ce harajin miliyan 3 shi ne 330,000, ya ɗora a kai ya tsaya. Ya manta cewa kuɗin da ya ƙara don biyan haraji su ma haraji zai hau kansu. Ribar 3,330,000 harajinta 389,400 ne, ka ga an samu giɓin kusan 60,000. Sai a ci gaba da gwadawa: riba ta 3,400,000 harajinta 330,000 ne da ƙarin 72,000, wato 402,000, abin da ya rage kuma 2,998,000. An zo wurin ke nan. Dokar ta ba mai haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, wanda zai ɗan sauke harajin, sai a bar wannan rarar a matsayin ko-ta-kwana.

A kan ribar sai a ɗora abin da sana'ar kanta take ci: adaidaita sahu, data, takarda, alƙalamin allo da buga tambayoyin gwaji. A ce 50,000 a wata, 600,000 a shekara. Ba a sa su cikin lissafin haraji ba saboda ana cire kuɗin gudanar da sana'a kafin a ƙiyasta riba, shi ya sa adana rasit yake da amfani. Yanzu an san abin da dole ya shigo aljihu a shekara: naira miliyan 4.

Saura awanni, kuma a nan ne yawancin asarar take ɓuya. Shekara mako 52 ce, amma malamin lesin ba ya cin moriyarsu duka. Sallah biyu za su tafi da mako biyu. Rashin lafiya, rasuwa, suna da tafiya gida za su ɗauki wasu biyun. Hutun makaranta, lokacin da iyaye ke cewa "Malam, a bari sai an koma", zai iya cinye takwas. Mako 40 suka rage.

A cikin makon ma, malam yana aikin awa 40 amma rabi kawai ake biya. Daga wani gida a Hotoro zuwa wani a Rijiyar Zaki tafiya ce daga wannan gefen gari zuwa wancan, kuma hanya kaɗai tana cin awa 10 a mako. Shirya darasi da duba aikin yara awa 6. Sauran 4 suna tafiya a zaman benci a ƙofar gida ana jiran yaro ya dawo daga Islamiyya, da kiran waya don tuna wa Alhaji cewa wata ya ƙare, da neman sababbin gidaje. Awa 20 ce ta koyarwa. Sau mako 40, awa 800 ke nan a shekara.

Raba miliyan 4 da 800, ka samu naira 5,000. Wanda ya raba miliyan 3 da awa 2,080, kamar ma'aikacin da ake biya ko yana hutu, zai samu kusan 1,450, har ya ga cewa in an ba shi 2,500 ya ci riba. To a 2,500, abin da zai shigo miliyan 2 ne. Cire kuɗin sana'a da harajin 90,000, saura 1,310,000, kimanin 109,000 a wata, ko rabin buƙatar gidan bai kai ba.

Sai dai lissafi ba ya tilasta wa kowa biya. Naira 5,000 ita ce ƙasan da in aka sauka daga kai kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, kuma iyaye suna iya cewa ta yi musu yawa. In haka ta faru, sai a koma kan awannin. Yara uku 'yan layi ɗaya a zaure ɗaya, kowa 2,000, sun ba da 6,000 a awa. Tattara gidajen a unguwa ɗaya yana mayar da awannin hanya su zama na koyarwa: in suka kai 25 a mako, farashin ya sauko 4,000 ba tare da an taɓa tukunya ba. Karɓar kuɗin wata tun farkonsa kuma tana sa ranar da yaro ya fasa ba malam ne ya yi asara ba.

Hanyar gane ko lissafin ya yi daidai ita ce ɗan littafi a aljihu. Tsawon mako huɗu a rubuta lokacin fita, lokacin dawowa da awannin da aka biya, sannan a raba abin da ya shigo da waɗannan awanni. Duk bayan wata shida a sake duba farashin hatsi da na mota, domin wanda ya yanka kuɗinsa kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ga yadda hanya ta cinye ribarsa cikin 'yan makonni. Ran da aka sake cewa "Malam, nawa za mu ba ka?", amsar tana cikin littafin.