Fassarar Hausa: Da Wane Shiri Za Ka Fara?

Wanda zai fara kallon shiri mai dogon zango cikin fassarar Hausa, ya fara tambayar tsawonsa, domin a nan masu kallo da yawa ke sarewa.

Ɗauki Ertugrul na Turkiyya, wanda aka fara nunawa a 2014. Zango 5 ne, kashi 150, kuma kowane kashi yakan kai wajen awa biyu. Masu fassara sukan daddatsa shi, har ka ga lambobin sun haura 400. Shirin Indiya Jodha Akbar ya zarce kashi 500, ga jan labari, inda rigimar cikin gida ɗaya za ta cinye kashi da dama. Jumong na Koriya kuwa, na 2006, kashi 81 ne, kusan awa guda kowanne, kuma labarin ya miƙe: ɗan sarkin da aka raina ya tashi ya kafa daula. Ga sabon shiga, shi ya fi sauƙin kaiwa ƙarshe.

Kafin ka ba mai turi wayarka, tambaye shi ko an kammala fassarar, don wasu sukan tsaya a tsakiya. Sannan ka saurari kashi ɗaya. In muryar mai fassara ta danne kiɗa da ƙarar takubba, ko yana cusa barkwancin da bai dace da fuskar jarumi ba, nemi aikin wani kamfanin. Kada kuma ka haɗa fassarar kamfanoni biyu, domin lambobin kashi da laƙabin jarumai sukan saɓa.