Harafin Ɓoye da Ke Sa wa Zuciya Launi

Alamar zuciya da mutane ke aika wa juna a waya tana da lamba ɗaya a tsarin Unicode, wato U+2764. Duk da haka, wani lokaci takan fito ja jawur, wani lokaci kuma baƙa, ƙarama, kamar sauran haruffan da ke kewaye da ita. Abin da ke raba siffofin biyu wani harafi ne da ido ba ya gani, wanda ake liƙa shi a bayanta.

Asalin lamarin tarihi ne. Wannan zuciya ta girmi imoji nesa ba kusa ba. Tana cikin alamomin ado na ɗab'i da Bajamushe Hermann Zapf ya zana, kuma ta shiga Unicode tun 1993, lokacin da rubutun kwamfuta ba shi da launi sai na tawada. Da aka shigar da imoji na kamfanonin wayar Japan a 2010, sai aka tarar da yawa daga cikinsu, irin su zuciya da rana da jirgin sama, sun riga sun mallaki lamba. Ba a ba su sabuwa ba, sai lamba ɗaya ta ɗauki aiki biyu.

Don warware wannan ne aka ware haruffa biyu daga cikin goma sha shida na zaɓen siga da aka tanada tun 2002. U+FE0E, wanda ake kira VS15, yana cewa a nuna alamar da ta gabace shi a sigar rubutu, da launin sauran haruffa. U+FE0F, wato VS16, yana cewa a nuna ta a sigar imoji mai launi. Babu ɗayansu da ke da hoto ko faɗi, kuma kowanne yana aiki ne kawai a kan alamar da ya biyo bayanta kai tsaye.

To idan babu ko ɗaya fa? Kowace alama tana da sigar da aka sa mata ta asali. Ta zuciya rubutu ce, ta ƙwallon ƙafa kuwa, U+26BD, imoji ce. Shi ya sa idan aka taɓa jar zuciya a allon rubutun waya, haruffa biyu ne ke shiga saƙon. Mai sha'awa na iya gani da idonsa a Python:

```python
a = "\u2764"
b = "\u2764\ufe0f"
print(len(a), len(b), a == b)
```

Amsar ita ce `1 2 False`. A tsarin UTF-8 ta farkon tana cin bayit 3, ta biyun 6. Daga nan matsaloli ke tasowa. Manhajar da ke bincike harafi da harafi tana iya kasa gano saƙo mai zuciya tsura idan an neme shi da jar zuciya. Wadda kuma ke datse dogon rubutu, ko take share haruffan da ba ta gane ba, tana iya yar da U+FE0F, sai zuciyar da aka aika ja ta isa baƙa. Hanyar ganewa ita ce a duba lambobin saƙon, domin kallon allo kaɗai ba ya faɗin abin da ke ciki. Idan kuma ɗan akwati fanko ya bayyana bayan alamar, to tsohuwar manhaja ce ta ɗauki harafin ɓoyen a matsayin wanda ya kamata a zana.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi ɓata aiki. Wasu wayoyi sukan mai da kibiya ↔ ko alamar ▶ hoto mai launi a tsakiyar takardar aiki ko darasin lissafi, alhali marubucin bai nemi hakan ba. Maganin shi ne a sa U+FE0E bayan alamar. Sai dai wannan harafi roƙo yake yi, ba ya tilastawa. Idan na'urar ba ta da zubin haruffan da ke ɗauke da baƙar sigar, abin da take da shi za ta nuna.

Ba kowace imoji ce ke karɓar waɗannan haruffa ba. Unicode na da jerin waɗanda aka amince da su a fayil mai suna `emoji-variation-sequences.txt`, kuma fuskar nan mai dariya har da hawaye, U+1F602, ba ta ciki, don haka sa mata U+FE0E ba ya cikin ƙa'ida. Lambobi 0 zuwa 9 kuwa suna ciki: imojin maɓalli mai lamba ɗaya haɗi ne na 1 da U+FE0F da U+20E3. Haka ma zuciya mai cin wuta, wadda aka ƙara a 2020, haruffa huɗu ce: zuciya, U+FE0F, harafin haɗi U+200D, sannan wuta, U+1F525. Inda aka sa launin fata kuma, kamar a kan yatsan nuni U+261D, ba a buƙatar U+FE0F, domin harafin launin fatar da kansa ya isa ya mai da alamar imoji.