Waƙar rakiyar maniyyata: abin da baitocinta ke faɗa, da yadda siyasa ke kutsawa cikinsu

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, maniyyaci ba ya barin gida shiru. Kafin motar da za ta kai shi Dutse ta tashi daga Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, dangi da maƙwabta kan taru a yi addu'a, a wasu gidajen kuma mata ko ɗaliban Islamiyya su rera waƙar ban-kwana. Wanda ya kasa kunne zai lura cewa kalmomin sun fi tafiyar nauyi. Jirgi daga Dutse zuwa Saudiyya sa'o'i ne kawai, amma waƙar tana magana kamar ba za a sake haɗuwa ba.

Me ya sa take kama da wasiyya?

Amsar tana cikin tsohuwar hanya. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar Hajji daga wannan yanki gabas yake dosa a ƙasa ko bisa jaki, ya ratsa Barno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, domin matafiyi kan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri. Wasu sun rasu a hanya, wasu kuma sun zauna a can. Garin Mai Wurno da ke Sudan mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Saboda haka mai tafiya kan biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi gida-gida neman gafara. Waƙar rakiya wannan sallamar ce aka ɗora wa kari.

Haɗarin kuma bai gushe ba. A turmutsitsin Mina na ranar 24 ga Satumba, 2015, 'yan Najeriya fiye da 200 sun rasu. A Hajjin 2024, hukumomin Saudiyya sun ce sama da mutum 1,300 ne suka rasu a lokacin tsananin zafi. Mai rera baitin neman gafara ta san abin da take faɗa.

Yadda ake gina ta

Waƙar ba ta da matani guda da kowa ya haddace. Jagora ce ke bayarwa, 'yan amshi suna karɓa da gajeren ɗango da ba ya canzawa, ita kuma tana saka sunan mai tafiya da halin gidansa. Abin da ya fi tabbata shi ne jerin saƙonnin. Akan buɗe da sunan Allah da salati, yadda aka saba a rubutacciyar waƙar Hausa, sannan a shiga yafiya, ɗaukar amanar abin da aka bari, aiken gaisuwa, da addu'ar kariya.

Ga misali da aka tsara don wannan bayani kawai, na wata dattijuwa da jikokinta ke rakiya daga wani ƙauye a Sule Tankarkar:

Inna ki yafe, mu ma mun yafe wa juna,
Mu za mu kula da yara har da gona.
In kin isa, kai gaisuwarmu Madina,
Allah ya tsare ki ranar jifa a Mina.

Baiti biyu ne, kowanne ƙwar biyu, amsa-amonsu "na". Zaɓin ba na banza ba ne: sunayen Madina da Mina sun ba jagora harafin da za ta riƙe, sai ta nemo masa abokai daga gida, irin su juna da gona da rana.

Ɗango na farko yafiya ce ta ɓangare biyu, ba ta mai tafiya kaɗai ba. Na biyu alkawari ne a gaban shaidu, kuma yana da ma'ana ta zahiri. Kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a 2025 tsayuwar Arfa ta faɗo ranar 5 ga Yuni, daidai lokacin da manoman arewacin Jigawa ke sauraron ruwan shukar gero. Wanda ya tafi makonni a irin wannan lokaci dole ya bar gonarsa a hannun wani. Ɗango na uku na waɗanda aka bari ne, shi ne begen mai son zuwa da bai samu iko ba. Wannan jigo tsoho ne: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda bai samu zuwa Hajji ba, ya bayyana begen Madina a ƙasidarsa ta Larabci da ake kira Daliyya. Na huɗu kuwa ya ambaci wurin da ake tsoro da sunansa.

Malamai ba su haɗu a kan komai ba. Addu'ar da ta zo a hadisi, ta damƙa wa Allah addinin matafiyi da amanarsa da ƙarshen ayyukansa, babu mai jayayya da ita. Saɓanin yana kan kiɗa da kalmomin bege. A zawiyoyin Ƙadiriyya an saba bege da bandiri, malaman Izala kuwa suna hana kiɗan, suna kuma inkarin duk ɗangon da ya roƙi wani ba Allah ba. Shi ya sa gida biyu a unguwa ɗaya za su iya rera saƙo guda, ɗaya da bandiri, ɗaya da baki kawai.

Inda kuɗi suka sauya baiti

A farkon 2024 Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanya kuɗin kujera ga mafi yawan jihohin arewa a kan kusan naira miliyan 4.7. A watan Maris, bayan faɗuwar darajar naira, ta nemi ƙarin kusan miliyan 1.9. A 2025 kujerar ta haura miliyan 8. Ga mai sayar da raguna a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wannan tarin shekaru ne. Gwargwadon tsadar kujera, gwargwadon darajarta a hannun mai rabawa kyauta.

Nan ne wani saƙo na biyar ke shigowa, wato godiya ga wanda ya biya. Idan ɗa ne ya biya wa mahaifiyarsa, sa masa albarka cikin waƙa ba abin zargi ba ne. Idan kuwa mai riƙe da muƙami ne, tambayar ita ce daga wace lalita kuɗin suka fito. Tambayar ba ta rasa tushe ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta ce ta ba da tallafin naira biliyan 90 don Hajji, EFCC ta yi wa shugaban NAHCON na lokacin, Jalal Arabi, tambayoyi kan yadda aka sarrafa kuɗin, aka kuma sauke shi a watan Agusta na shekarar.

Mai sauraro zai iya gane waƙar da ta karkata ta hanya uku. Na farko, ya duba amshi. Shi ake maimaitawa bayan kowane baiti, shi kuma yara ke tafiya da shi gida. Idan sunan mai muƙami ya koma can, to shi ake wa waƙar, ba maniyyaci ba. Na biyu, ya lura da abin da aka cire. Lokacin rakiya gajere ne, don haka kowane baitin kirari yana ture wani, kuma yafiya da amana ne suka fi sauƙin faɗuwa, domin ba su da mai biya. Na uku, ya ji yadda aka siffanta kyautar. Waƙar da ta ce wane ya kai mu Makka ta mayar da kujerar alherin mutum ɗaya, ko da daga asusun ƙaramar hukuma ko na jiha aka biya ta.

Waƙar ba za ta nuna takardar biyan kuɗi ba, kuma ambaton suna ba hujjar almundahana ba ne. Abin da take bayarwa shi ne mafarin bincike: sunan mai tafiya, sunan wanda ake gode wa, da shekarar. Sauran, wato adadin kujerun da gwamnati ta ɗauki nauyi, ma'aunin zaɓen masu cin gajiya da layin kasafin da aka ciro kuɗin, suna hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiha da ƙananan hukumomin huɗu, kuma a can ya kamata a tambaya.