Tambayoyin Bakin Tagar Kati Sun Koma Cikin Waya

Ma'aikaciyar da ke zaune a tagar yankar kati a ƙaramin asibitin unguwa ta haddace tambayoyin mutane. Ƙarfe nawa ake buɗewa, nawa ne kati, wace rana ake awo, yau likita yana nan ko ba ya nan. Tana amsa su a taga, tana amsa su a waya, wani lokacin ma a hanyarta ta komawa gida. Wannan maimaicin ne ya sa ƙananan asibitoci ke tattara tambayoyin su mayar da su jerin hotuna, irin wanda mutum ke ja da yatsa daga hoto zuwa hoto a Instagram ko Facebook, ko ya bi su ɗaya bayan ɗaya a sitatus na WhatsApp. Kowane hoto yana ɗauke da tambaya ɗaya a sama, amsarta a ƙasa, layi biyu gajeru.

Instagram ya buɗe wa kowa wannan tsari a 2017, da hotuna har 10 a saƙo ɗaya, sannan a 2024 ya ƙara zuwa 20. Amma asibiti ba ya bukatar cika gurbin. Tambayoyi shida ko bakwai sun isa, da hoton farko mai sunan asibitin, da na ƙarshe mai kwatance da lambar waya. Wanda ke jan hotunan nan yawanci yana riƙe da yaro mai zazzaɓi ne, ko yana lissafin datarsa.

Aikin yana farawa ne kafin a taɓa waya. A ajiye littafi a tagar kati na mako biyu, duk tambayar da aka yi a rubuta ta yadda mai ita ya faɗe ta. Idan uwa ta ce “Yaushe ake allurar jarirai?”, haka za a sa a hoton. Likita in aka bar shi shi kaɗai, zai iya zaɓar tambayoyin da yake so a yi masa, kamar mene ne hawan jini, alhali abin da ke kawo mutane taga shi ne lokaci da kuɗi da abin da za su zo da shi.

Sai layin nan biyu, inda gwanintar take. Kowanne da aikinsa: na farko ya ba da amsa kai tsaye, na biyu ya faɗi abin da mutum zai yi da ita. A ɗauki misalin asibiti mai likita ɗaya da nas biyu da ɗan ɗakin gwaji, wanda ya ware Talata don rigakafi. Mai rubutu na farko zai iya sa cewa asibitin yana ba lafiyar yara muhimmanci, kuma yana da ƙwararrun ma'aikata. Layi biyu sun tafi, uwa ba ta san ranar zuwa ba. Ga yadda ya kamata ya fito:

Yaushe ake allurar jarirai?
Duk Talata, 8 zuwa 12 na rana.
Ki zo da katin rigakafin yaro.

Tambayar da ke biye mata ta fi wuya, domin jadawalin rigakafi a Nijeriya yana da tsawo: ana farawa da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 da ake yin ta ƙyanda da ta shawara, kuma akwai wasu bayan nan. Sunayen alluran ba za su shiga layi biyu ba, kuma uwa ba su take nema ba. Layin farko ya jera lokutan farko, na biyu ya ce ranar dawowa tana rubuce a katin yaro. Akwai kuma wadda ta tsallake wata guda tana jin nauyin dawowa, don tana tsoron faɗa. Ita ma ta cancanci hotonta: “Ba a sake farawa daga farko. Ki kawo shi a ci gaba daga inda aka tsaya.” Wannan amsa gaskiya ce a likitance, kuma tana iya dawo da yaron da aka kusa rasawa daga layin rigakafi.

Gajarta tana da haɗarinta. Gwajin suga na safe yana bukatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci abinci ba, amma ruwa zalla ba ya ɓata shi. In aka rubuta “a zo da azumi” don a rage kalmomi, Bahaushe zai bar har ruwan, dattijo ya zauna a layi cikin zafi da ƙishi ba gaira ba dalili. Amsar da ta fi ita ce: “Kada a ci komai tsawon awa 8 kafin gwaji. Ana iya shan ruwa zalla.” Haka gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda ake ɗigo jini daga yatsa: sakamakonsa yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20, kuma faɗin wannan kaɗai yana iya sa wanda ke shirin wucewa kemis ya sayi magani a makance ya tsaya a gwada shi tukuna.

Akwai tambayoyin da layi biyu ba zai ɗauka ba, kuma asibitin kirki ya kamata ya san su. Babbar cikinsu ita ce yawan maganin da za a ba yaro. Farasitamol na ruwa ana auna shi ne da nauyin yaro, kuma kwalabensa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: wata tana da miligiram 120 ko 125 a kowane mililita 5, wata 250. Duk wanda ya rubuta “cokali ɗaya” a hoton da zai zagaya wayoyin unguwa ya ba wani yaro ninki biyu bai sani ba. A nan amsar ita ce a kawo yaro a auna nauyinsa, a zo da kwalbar maganin.

Hoton da bai kamata a rasa ba shi ne na alamomin haɗari, kuma wurinsa kusa da farko ne, don ba kowa ke ja har ƙarshe ba. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jiran ranar likita da shi. Mai ciki da ta ga jini, haka. In asibitin ba ya aikin dare, ko ba ya ƙarin jini da tiyata, ya faɗa a fili a layi na biyu, ya ambaci babban asibitin da ya fi kusa. Ɓoye wannan don kada a rasa majinyaci yana sa iyali su ɓata awa guda a ƙofar da ke rufe.

Batun zane ba shi da yawa. Baƙin rubutu mai kauri a kan fari ko launi mai haske, manyan haruffa, babu hoton majinyaci. A duba ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu salon rubutu na manhajojin zane ba su da su, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu. Gwajin da ya fi kowane shi ne a miƙa wa mai gadi ko wata mai jiran awo ƙaramar waya a tsakar rana, ta karanta hoto ɗaya, a tambaye ta me za ta yi. In ta yi jim, a sake rubutawa. Waɗanda ba sa karatun boko kuwa, nas ta karanta tambayoyin da amsoshin a saƙon murya a tura tare da hotunan.

Sitatus na WhatsApp yana gushewa bayan awa 24, amma hoton da wani ya adana ya tura wa 'yan'uwa yana iya yawo shekara guda, shi kaɗai, ba tare da sauran ba. Saboda haka kowane hoto ya ɗauki sunan asibitin da lambarsa a ƙasa, da watan da aka rubuta shi. Kuɗin kati da na gwaji su suka fi saurin canzawa, don haka a ware musu hoto ɗaya, ranar da farashi ya motsa a sauya shi kaɗai, a goge tsohon, a kuma sanar da mai tagar kati kafin a saki sabon.